Raba nauyi a jadawalin zaɓen mai kawo kaya: hanyoyi uku da inda kowace ke kai ka

Jadawalin da ake zaɓen mai kawo kaya da shi ba shi da wuyar lissafi. Ana jera ma'aunai a gefe, a ba kowane ma'auni nauyinsa, a ba kowane kamfani maki, a ninka maki da nauyi, a tara. Wanda ya fi jimla shi ne a gaba. Rigimar duka tana wajen nauyin ne, domin da bayanai iri ɗaya da maki iri ɗaya, hanyar da aka bi aka raba nauyi ita kaɗai tana iya sauya wanda ya ci. A nan za mu ɗora hanyoyi uku da aka fi amfani da su a kan misali guda, a ga yadda kowace ta ƙare.

Misalin wata masana'anta ce da ke sayen kwalayen zuba kaya, ana kawo mata sau 50 a shekara. Kamfanoni uku ne suka rage a takara, mu kira su A da B da C. Alƙaluman na misali ne, kuma an mayar da kuɗin kwalin da ake saye yanzu 100 domin kwatanci ya yi sauƙi.

Abin da ke shiga jadawali da abin da ba ya shiga

Kafin a yi maganar nauyi, sai an ware sharuɗɗan dole. Rajistar kamfani, ƙarfin kwalin da zai ɗauki nauyin da aka ƙayyade, iya samar da adadin da ake bukata a wata: waɗannan e ne ko a'a. Wanda ya faɗi a ɗaya daga ciki ya fita tun daga ƙofa. Dalilin ware su shi ne, jadawali yana barin ƙarfi a wani wuri ya rufe rauni a wani wuri. Idan aka sa ƙarfin kwali a matsayin ma'auni mai nauyi 20, kamfanin da kwalinsa ke fashewa zai iya samun sifili a nan ya kuma ci takarar da araha.

Abin da ya rage shi ne ma'aunan da ake yarda a yi ciniki a tsakaninsu. A 1966 Gary Dickson ya tambayi masu sayayya na kamfanoni, ya fito da ma'aunai 23, inda inganci da kawo kaya a kan lokaci suka zo kan gaba. Jerin yana da amfani wajen tunatarwa, amma jadawalin aiki bai kamata ya wuce ma'auni huɗu zuwa bakwai ba. Mafi munin abin da yawa ke kawowa shi ne ƙidaya abu ɗaya sau biyu. "Yawan kwalayen da aka mayar", "ƙorafin ma'aikatan sito" da "sakamakon duba kaya" duk inganci ne cikin riga uku. In aka ba kowane 15, inganci ya tashi da 45 ba tare da kowa ya yanke shawarar haka ba. Gwajin mai sauƙi ne: idan ba zai yiwu kamfani ya yi kyau a wannan ma'aunin ya yi muni a wancan ba, to ma'auni ɗaya ne, a haɗe su.

Masana'antarmu ta tsaya a kan huɗu. Na farko kuɗi, wato abin da kwali ke ci har ya shiga sito, da sufuri da sauke kaya. Na biyu inganci, da adadin kwalayen da suka lalace a cikin dubu. Na uku cika alƙawari, wato kaso nawa cikin ɗari na kaya ya iso cif a ranar da aka fara alƙawarta, ba ranar da aka ɗaga daga baya ba. Na huɗu kwanakin da ake ɗaga wa mai saye kafin ya biya.

| Ma'auni | A | B | C |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | 100 | 88 | 94 |
| Lalatattu a cikin 1,000 | 4 | 6 | 5 |
| Cika alƙawari | 96% | 82% | 92% |
| Kwanakin bashi | 30 | 45 | 15 |

Mayar da alƙaluma maki

Nauyi ba ya da ma'ana sai an san sikelin da zai ninka, saboda haka a fara da sikelin. Ga kowane ma'auni a tsayar da iyaka biyu: mafi munin da za a iya karɓa, shi ne sifili, da mafi kyawun da kasuwa za ta iya bayarwa, shi ne 10. Ana samo su daga tarihin sayayyar baya da abin da aka sani game da kasuwar, kuma ana rubuta su kafin a buɗe tayin kowa. A nan kuɗi daga 105 zuwa 85 ne, lalatattu daga 8 zuwa 3, cika alƙawari daga 80 zuwa 100, bashi daga kwana sifili zuwa 60.

```
maki = 10 * (x - mafi_muni) / (mafi_kyau - mafi_muni)
```

| Ma'auni | A | B | C |
|---|---|---|---|
| Kuɗi | 2.5 | 8.5 | 5.5 |
| Inganci | 8 | 4 | 6 |
| Cika alƙawari | 8 | 1 | 6 |
| Bashi | 5 | 7.5 | 2.5 |

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ake yawan bi a nan, kuma dukansu suna sace nauyi a ɓoye. Ɗaya ita ce a raba mafi arha da kuɗin kowa a ninka da 10. Da ita B zai samu 10, C 9.4, A 8.8. Tazarar duka ta koma maki 1.2, alhali a inganci ana yawo tsakanin 4 da 8. Ko da an rubuta 30 a gaban kuɗi, abin da zai iya motsawa a jimla bai wuce 0.36 ba, kwamiti yana ganin ya ba kuɗi kusan sulusin hukunci, a zahiri kuwa ya kusa cire shi. Ɗaya kuma ita ce a ba mafi kyau cikin masu takara 10, mafi muni sifili. Da wannan, bambancin kwali biyu rak a cikin dubu zai zama bambancin 10 da sifili. Ƙari a kan haka, in wani na huɗu ya shigo da tsada mai yawa, makin kuɗin A da C zai sauya ba tare da sun taɓa tayinsu ba, har jerin gwanayen yana iya juyawa. Iyakokin da aka kafa tun farko su ne maganin duka biyun.

Hanya ta farko: raba maki 100 kai tsaye

Kwamiti ya zauna, a ce ga 100, a raba. Kusan kullum abin da ke fitowa yana kama da wannan: inganci 40, kuɗi 30, cika alƙawari 20, bashi 10. Ba wanda ke son a ji shi yana cewa inganci ba shi ne farko ba. Da wannan rabon A ya samu 6.05, C 5.50, B 5.10. A ya ci, kuma da rata.

Kyawun hanyar saurinta ne, kuma kowa yana gane ta, har wanda ya faɗi takara za a iya yi masa bayani cikin minti biyar. Lahaninta yana cikin tambayar da take yi: "me ya fi muhimmanci?" Tambayar ba ta ambaci ko nawa ba. Inganci yana da muhimmanci, ba musu, amma ingancin da zai iya halaka aiki an riga an tsare shi a sharuɗɗan dole. Abin da ya saura a jadawali shi ne bambancin lalatattu 8 da 3 a cikin dubu, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. Wannan ɗan bambancin aka ba 40, sama da tazarar kuɗi mai kai 20 cikin 100.

Sannan rabon kai tsaye yakan bi muryar wanda ya fara magana. In shugaban sashe ya ce "inganci arba'in", sauran sai su yi ta gyara biyar-biyar a gefensa. Idan dole a bi wannan hanyar, kowa ya rubuta nasa rabon shi kaɗai a takarda kafin a buɗe baki, sannan a tattauna inda aka bambanta da fiye da 10.

Hanya ta biyu: gwada biyu-biyu

Wannan ita ce zuciyar tsarin yanke shawara mai suna AHP da Thomas Saaty ya fitar a shekarun 1970. Maimakon a raba 100 a lokaci guda, ana ɗaukar ma'auni biyu a tambaya wanne ya fi, kuma da nawa, a kan sikelin 1 zuwa 9, inda 1 ke nufin daidai suke, 9 ke nufin ɗaya ya rinjayi ɗaya gaba ɗaya. Ma'auni huɗu suna bukatar tambaya shida. Takwas kuwa 28 suke bukata, kuma da wuya a samu kwamitin da zai amsa ta ashirin da natsuwar da ya amsa ta farko.

A ce kwamitinmu ya amsa haka: inganci a kan kuɗi 2, a kan cika alƙawari 3, a kan bashi 7, kuɗi a kan cika alƙawari 2, a kan bashi 5, cika alƙawari a kan bashi 3. Lissafin yana ba da inganci 49, kuɗi 29, cika alƙawari 16, bashi 6. A ya tashi da kusan 6.2, C 5.6, B 5.0.

Hanyar tana da abin da ta farko ba ta da shi: tana kama mutum idan ya saɓa wa kansa. Wanda ya ce kuɗi ya fi lokaci, lokaci ya fi inganci, sannan ya dawo ya ce inganci ya fi kuɗi, wani adadi da lissafin ke fitarwa, mai suna adadin daidaito, zai tona shi. Ƙa'idar Saaty ita ce adadin kada ya wuce 0.1, in ya wuce a sake duba amsoshin. A misalinmu bai kai 0.01 ba, ya yi kyau ƙwarai. Sai dai adadin yana nuna cewa amsoshin sun jitu da juna ne kawai, ba ya cewa komai a kan ko tambayar ta dace. Tambayar nan dai ce ta ɗazu, "wanne ya fi muhimmanci?", aka maimaita sau shida, shi ya sa inganci ya ma ƙara hawa daga 40 zuwa 49. Haɗarinta a ganinmu ya fi na rabon kai tsaye ta fuska ɗaya: lamba irin 49 ta fito daga lissafi, mutane suna jin nauyin yi mata gardama, alhali 40 kowa ya san ra'ayi ne.

Hanya ta uku: auna darajar tazara

Wannan hanyar ta yaɗu ne ta aikin Detlof von Winterfeldt da Ward Edwards a 1986, kuma tambayarta daban ce. A ƙaddara wani mai kawo kaya da ya tsaya a sifili a komai: kuɗinsa 105, lalatattu 8, cika alƙawari 80, ba ya ba da bashi ko na kwana ɗaya. An ba ka dama ka ɗaga ma'auni guda kacal daga ƙasan sikeli zuwa samansa. Wanne za ka fara ɗagawa? Wanda aka zaɓa a ba shi 100. Sauran kuma a tambaya, ɗaga wannan ya kai kaso nawa na darajar ɗaga na farkon?

Da zarar an yi tambayar haka, bakin kwamiti yakan sauya, domin yanzu ana iya lissafawa. Saukar da kuɗi daga 105 zuwa 85 ragi ne na 20, shi ya ɗauki 100. Bashin kwana 60, in masana'antar tana cin rance a kan kashi 12 a shekara, ya kai kusan kashi 2 na kuɗin kayan; 2 a gefen 20 kuwa 10 ke nan. Inganci: lalatattu biyar ne a cikin dubu tsakanin ƙasa da sama. Kwalin da ya fashe ba kuɗinsa kaɗai yake ci ba, akwai sake zubawa da kayan da suka ɓaci, mu ce ninki shida na kuɗinsa. Rabin kashi sau shida ya ba da 3, wato 15.

Cika alƙawari shi ne mai wuya, kuma shi ya cancanci a ɓata masa lokaci. Daga 80 zuwa 100 a cikin kawo kaya sau 50 yana nufin makara goma a shekara. Me makara ɗaya take jawowa? Wannan ba mai sayayya ne zai amsa ba, shugaban aikin masana'anta da mai kula da sito ne: awa nawa inji ke tsayawa, nawa ake biya na ƙarin lokacin ma'aikata, sau nawa ake rugawa a sayo kwali da tsada a wani wuri. A ce sun ƙiyasta kowace makara a kan kashi 1.5 na kuɗin kwalin shekara. Goma sun zama 15, wato 75.

Jimla 200 ce. A raba kowane da ita: kuɗi 50, cika alƙawari 37.5, inganci 7.5, bashi 5. Idan nauyin yana `B2:B5`, makin kamfani kuma yana `C2:C5`:

```
=SUMPRODUCT($B$2:$B$5,C2:C5)/SUM($B$2:$B$5)
```

C ya samu 5.58, B 5.30, A 5.10. Wanda ya ci a hanyoyi biyun farko ya koma na ƙarshe. Dalilin a fili yake: A yana neman ƙarin 6 a kan C, abin da yake bayarwa a madadi kuwa raguwar lalataccen kwali ɗaya ne a cikin dubu, da makara biyu ƙasa a shekara, da ƙarin kwana 15 na bashi. In aka mayar da su kuɗi, 0.6 ne da 3 da 0.5. Sun taru 4.1, ba su kai 6 ba.

Za a samu wanda zai ƙi amincewa da ganin 7.5 a gaban inganci, musamman in takardar za ta je gaban manya. Amsar ita ce a haɗa ta da jerin sharuɗɗan dole da iyakokin sikeli a shafi guda. Da sikelin ingancin ya tashi daga lalatattu 40 zuwa 3, da nauyinsa ya haura na kuɗi. Wannan ma shi ne gwajin da za a iya yi wa kowane rabo: a faɗaɗa sikelin wani ma'auni ninki biyu a tambayi kwamiti ko nauyinsa ya sauya. In suka ce a'a, ba tazara suke aunawa ba.

Hanyar tana da nata tsadar. Tana bukatar bayanai na gaskiya, kuma kason cika alƙawarin da kamfani ya rubuta wa kansa a takardar tayi ba bayani ba ne. Daga littafin karɓar kaya na sito ake ciro shi, ko daga odar gwaji in sabon kamfani ne. Sannan tana wahala a ma'aunan da ba sa komawa kuɗi cikin sauƙi, irin saurin amsa ƙorafi. A irin wannan sai a rubuta abin da sifili da 5 da 10 ke nufi da kalmomi da ake iya tabbatarwa, kamar "yana aiko da mutum cikin awa 24", kafin a auna tazarar.

Akwai gajeriyar hanya ga kwamitin da ya amince da jeri amma ya kasa sa lamba: a jera ma'aunan, a ɗauki nauyi daga wata ƙa'idar lissafi da ke duba matsayi a jeri kawai, wadda ga ma'auni huɗu take ba da kusan 52, 27, 15, 6. A kula da ita. A misalinmu, da jerin kuɗi, lokaci, inganci, bashi, B ne take fitarwa da 5.74 a kan 5.53 na C, saboda ta ɗauka cewa na biyu rabin na farko ne, alhali mu mun lissafa shi kashi uku cikin huɗu.

Girgiza sakamakon kafin a sa hannu

Ratar 0.28 tsakanin C da B ba ta isa a kwanta a kanta ba. A nemo lambar da aka fi shakka, a nan 75 ce ta cika alƙawari, a riƙa sauya ta ana kallon jimla. C yana ci muddin tana tsakanin 64 da 122. Ƙasa da 64 B ne, daga 123 zuwa sama A ne. Duk takarar ta dawo kan tambaya guda da za a iya bincikawa: makara ɗaya tana cin fiye da kusan kashi 1.3 na kuɗin kwalin shekara? In masana'antar tana ajiye kwalin mako uku a sito, wataƙila ba ta kai ba, kuma B ya fi dacewa. In sitonta na kwana biyu ne, 75 ma ta yi kaɗan. Haka kuma za a iya kai lambar wurin B a ce masa, in ya yarda da tarar makara a cikin kwangila, ko ya ajiye kwalaye a kusa, lissafin zai sauya.

Zaɓin hanya kuwa ya danganta da girman sayayyar. Ga ƙaramar sayayya da za a iya sauya mai kawowa a wata mai zuwa, rabon 100 ya wadatar, matuƙar sikelin yana gaban masu rabon a lokacin da suke rabawa. Gwada biyu-biyu ya fi amfani inda sassa da yawa ke jayayya kuma ma'aunan ba sa ƙidayuwa, da sharaɗin a gyara tambayar ta zama "sauka daga 105 zuwa 85, ko hawa daga 80 zuwa 100?" Ga kwangilar shekara ko fiye, inda akwai tarihin sayayya, auna tazara muke ba da shawara.

A sayayyar gwamnati akwai ƙarin takunkumi. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 a kan kwangilolin gwamnati, alal misali, ta wajabta a bayyana nauyin ma'aunai a cikin takardun kwangila tun kafin a karɓi tayi. Wannan bai hana auna tazara ba, tunda iyakokin sikelin daga tarihin kasuwa aka ɗauko su, ba daga tayin masu takara ba. Ko a kamfani mai zaman kansa, a rubuta ma'aunai da iyakoki da nauyi a sa kwanan wata da hannun 'yan kwamiti kafin a buɗe ambulan na farko. In daga baya wani tayi ya faɗo wajen iyaka, kamar kuɗi 78 a sikelin da ya tsaya a 85, kada a taɓa nauyin. A bar fomular ta ba shi 13.5, sannan a aika a binciki yadda zai iya kawo kwali a wannan kuɗin.